Me ya sa ake rubuta «j'ai écrit la lettre» amma kuma «la lettre que j'ai écrite»?

Dubi waɗannan jimloli biyu na Faransanci: *J'ai écrit la lettre* da *La lettre que j'ai écrite*. Ta farko na nufin "na rubuta wasiƙar", ta biyu kuwa "wasiƙar da na rubuta". Marubuci ɗaya ne, wasiƙa ɗaya ce, lokacin ma bai sauya ba, amma a jimla ta biyu an ƙara harafin *e* a ƙarshen kalmar *écrit*. Wannan ɗan harafi ya ci makin ɗalibai masu yawa a darasin dikte, daga Maraɗi da Damagaram har zuwa Njamena da Garwa, kuma su kansu Faransawa tuntuɓe suke yi da shi kullum. A ganina dokar kanta ba ta da wuya, layi ɗaya ya isa a rubuta ta. Abin da ke kayar da mutane shi ne gane wace kalma ce karɓau a cikin jimla, wato abin da aikin ya faɗa wa, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Faransanci kan faɗi aikin da ya shuɗe da kalmomi biyu. Ta farko ita ce mataimakin aikatau, wato *avoir* ko *être*, ta biyu kuma ita ce wadda littattafan makaranta ke kira *participe passé*, zan riƙa kiranta fartisif. A cikin *j'ai écrit*, *ai* shi ne mataimaki, *écrit* shi ne fartisif. Idan mataimakin *être* ne, fartisif yana bin aikau, wato wanda ya yi aikin, shi ya sa ake rubuta *elles sont parties*. Idan kuwa *avoir* ne, babu ruwan fartisif da aikau ko kaɗan. Ko mata ɗari ne suka ci abinci, *elles ont mangé* za a rubuta, ba tare da ƙarin komai ba. Kuskuren farko da ake yawan gani a takardun yara shi ne *elles ont mangées*, domin hannu ya saba da dokar *être* sai ya zarce da ita inda ba gidanta ba.

Abin da fartisif ke dubawa idan yana tare da *avoir* shi ne karɓau na kai tsaye, wato abin da aikin ya faɗa wa ba tare da wata ƙaramar kalma irin *à* ko *de* ta shiga tsakani ba. Shi ne malamai ke rubutawa a allo da haruffa uku, COD. Idan wannan karɓau ya zo bayan aikatau, ko kuma babu shi sam, fartisif ba ya motsi. Idan ya riga aikatau zuwa, to fartisif zai ɗauki jinsinsa da adadinsa: *e* ga mace, *s* ga jam'in maza, *es* ga jam'in mata. Dokar ke nan gaba ɗayanta.

Mai jin Hausa bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Mu ma aikatau ɗinmu kan sauya ƙarshensa gwargwadon inda karɓau ya zauna. Muna cewa "na sayi akuya", "na saye ta", "akuyar da na saya". Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, amma duk wanda ya ce "akuyar da na sayi" za a gane Hausarsa ba ta nuna ba. Bambancin kawai shi ne, Hausa tana duba matsayin karɓau da irinsa, suna ne ko wakilin suna, Faransanci kuwa yana ƙarawa da duba jinsi da adadi.

Daga ina dokar ta samo asali? Fartisif tun fil azal sifa ce, kamar yadda muke da rubutacce, rubutacciya, rubutattu. A harshen Latin, wanda Faransanci ya tsiro daga cikinsa, ana iya cewa *litteras scriptas habeo*, ma'ana "ina da wasiƙa rubutacciya". A nan *habeo*, kakan *avoir*, yana nufin mallaka ta gaske, sifar kuma dole ta bi sunan da take siffantawa. Sannu a hankali ma'anar ta gusa daga "ina da ita rubutacciya" zuwa "na rubuta ta", *avoir* ya bar mallaka ya koma mataimaki, sifar kuma ta manne da shi ta zama ɓangaren aikatau. Amma ba ta saki tsohuwar ɗabi'arta duka ba. A tsohon Faransanci marubuta kan daidaita ta da karɓau wani lokaci, wani lokaci su bar ta, ba tare da ƙa'ida tsayayya ba. A shekarar 1538 mawaƙin fadar Sarki François na Ɗaya, Clément Marot, ya tsara ƙa'idar cikin 'yan baitoci, yana kafa hujja da harshen Italiyanci: kalmar da ta riga zuwa ita ke juya mai bi mata. A ƙarni na 17 masu nahawu irin su Vaugelas, wanda littafinsa ya fito a 1647, suka ɗaure mata gindi, daga baya makarantu suka mayar da ita farilla.

Sanin cewa fartisif sifa ce yana ba da hanya mafi sauƙi ta aiki da dokar, wadda masanin nahawu ɗan ƙasar Beljiyam, Marc Wilmet, ya yayata. A daidai lokacin da alƙalaminka ya iso kan fartisif, ka tsaya ka tambayi kanka: mene ne rubutaccen, kuma na riga na ambace shi? A *j'ai écrit la lettre*, sa'ad da kake rubuta *écrit* ba ka kai ga ambaton wasiƙa ba tukuna, saboda haka babu abin da za ka daidaita da shi. A *la lettre que j'ai écrite*, wasiƙar tana kan takarda tun kafin ka iso, ka san mace ce, sai ka ba ta *e* ɗinta.

Karɓau ba ya riga aikatau haka siddan. Hanyoyin da yake bi kaɗan ne, kuma idan ka san su za ka riƙa hango su daga nesa. Wadda ta fi yawa ita ce ta wakilin suna: *le*, *la*, *les*, da kuma *me*, *te*, *nous*, *vous*. A Faransanci, in ban da a jimlar umarni, waɗannan kafin aikatau suke zama, ba kamar Hausa ba inda muke cewa "na gan su". Don haka *j'ai vu les filles* na komawa *je les ai vues*. Matsalar *le* da *la* ita ce idan suka haɗu da wasalin *avoir* dukansu *l'* suke zama, jinsin ya ɓuya. *Je l'ai vu* da *je l'ai vue* lafazinsu ɗaya ne, sai ka koma baya cikin zancen ka nemo wa ake nufi, Musa ne ko Hadiza. Hanya ta biyu ita ce *que* mai ma'anar "da" ɗin da ke cikin "wasiƙar da na rubuta". Shi *que* ba shi da jinsi, aro yake yi daga sunan da ya gabace shi: *les livres que j'ai lus*, *les chèvres que j'ai vendues*. Ta uku ita ce tambaya ko mamaki, inda ake ɗauko karɓau a kai shi farkon jimla: *Quelle route as-tu prise ?* ko *Combien de sacs avez-vous achetés ?*

A kula da *que* idan an juya jimla. A *les lettres qu'a écrites mon père*, uban ya zo a ƙarshe, a wurin da ido ya saba ganin karɓau, amma shi ne aikau. Rubutattun dai wasiƙu ne, kuma an riga an ambace su, shi ya sa aka sami *écrites*.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ba kowane wakilin suna da ya riga aikatau ne karɓau na kai tsaye ba. *Lui* da *leur* ba su taɓa zama shi, domin a cikinsu akwai *à* a ɓoye, kamar "masa", "mata", "musu" na Hausa. *Je leur ai parlé*, na yi musu magana, babu ƙari. Waɗannan da sauƙi, tunda siffarsu ta bambanta da *les*. Amma *me*, *te*, *nous*, *vous* fuska ɗaya suke da ita ko kai tsaye ne ko ba kai tsaye ba. Mace za ta rubuta *il m'a vue*, da *e*, sannan ta rubuta *il m'a parlé*, ba *e*. Dalili shi ne ana cewa *voir quelqu'un* amma *parler à quelqu'un*. Dabarar ita ce ka cire wakilin sunan, ka sa suna na gaske bayan aikatau, ka ga ko *à* zai fito. *Il a vu Hadiza*, bai fito ba, sai a daidaita. *Il a parlé à Hadiza*, ya fito, sai a bar fartisif yadda yake.

Sau da yawa Hausa tana taimakawa wajen wannan rarrabewa, domin "ya gan ta" da "ya faɗa mata" sun yi daidai da *il l'a vue* da *il lui a dit*. Sai dai kada a dogara da ita ido rufe, don akwai aikatau da harsunan biyu suka saɓa a kansu. Muna cewa "na gode mata", amma *remercier* kai tsaye yake ɗaukar karɓau: *je l'ai remerciée*. Muna cewa "na taimaka musu", Faransanci kuwa *je les ai aidés*. A ɗaya gefen muna iya cewa "na kira ta a waya", amma *téléphoner* yana buƙatar *à*: *je lui ai téléphoné*, ko da yake *appeler* mai kusan ma'ana ɗaya kai tsaye ne, *je l'ai appelée*. Haka *obéir*, *répondre*, *mentir*, *plaire*, *succéder*, duk da *à* suke tafiya idan mutum ake nufi. Wanda ya rubuta *il nous a téléphonés* ya san dokar daidaitawa sarai, abin da bai sani ba shi ne halin aikatau ɗin. Shi ya sa nake ganin malamin da ke son yaransa su daina wannan kuskure gara ya sa su haddace kowane aikatau tare da ƙaramar kalmar da yake ɗauka, maimakon ya yi ta maimaita musu ƙa'idar da sun riga sun haddace.

Akwai kuma *que* na bogi, wanda ya yi kama da karɓau alhali awo yake nunawa, na kuɗi ko nauyi ko tsawon lokaci. A *les dix mille francs que ce sac a coûté*, ba wani abu aka yi wa kuɗin ba, amsa ce ta tambayar "nawa?", ba ta "me?" ba, don haka *coûté* ba ya sauyawa. Haka *les vingt ans qu'il a vécu à Niamey*, shekarun tsawon zama ne. Amma idan aikatau ɗin ya ɗauki wata ma'ana da ke da karɓau na gaske, daidaitawa na dawowa: *les efforts que ce travail m'a coûtés*, *les épreuves qu'il a vécues*. *Peser* ya fi nuna abin a fili. *Les cent kilos que ce sac a pesé* nauyin buhun ne. *Les sacs que le marchand a pesés* kuwa buhuna ne ɗan kasuwa ya ɗora a sikeli, su ne aunannun. Jimlolin yanayi, waɗanda *il* ɗinsu ba kowa ba ne, su ma ba sa daidaitawa: *la chaleur qu'il a fait*, *les pluies qu'il y a eu*.

Sai kuma inda wani aikatau, a siffarsa ta asali, ya biyo bayan fartisif. A nan aikatau biyu ne ke jayayya kan karɓau ɗaya, dole a gano na wane ne. *La femme que j'ai entendue chanter*: matar na ji, kuma ita ce ke rera waƙar, saboda haka karɓau na *entendre* ne, a daidaita. *La chanson que j'ai entendu chanter*: waƙa ba ta rera kanta, rera ta ake yi, ita karɓau ce ta *chanter*, don haka *entendu* ya zauna yadda yake. Tambayar ita ce ko abin da aka ambata shi ne ke yin aiki na biyun. *Fait* kuwa idan irin wannan aikatau ya biyo shi ba ya taɓa sauyawa: *la robe que j'ai fait coudre*, rigar da na bayar aka ɗinka. Wannan wuri ne da masu ƙoƙarin nuna gwaninta kan wuce gona da iri su ce *faite coudre*, kuma kuskure ne. A gyaran ƙa'idojin rubutun Faransanci na 1990 an ba da shawarar a yi wa *laissé* irin wannan hukunci, wato *je les ai laissé partir*, amma tsohon salon *laissés* bai zama laifi ba. Wani lokacin ma aikatau na biyun ba a faɗe shi ba, a zuci yake: *j'ai fait tous les efforts que j'ai pu*, ana nufin *pu faire*, shi ya sa *pu* bai ɗauki *s* ba.

Game da *en* ba sai an tsawaita ba. Idan yana nufin "wasu daga ciki", ƙa'idar makaranta ita ce a bar fartisif: *des mangues, j'en ai mangé*. Akwai marubutan da suka daidaita, amma a jarrabawa rashin daidaitawar shi ne tudun mun tsira.

Bari mu gwada duk wannan a kan ɗan sakin layi irin wanda ake bayarwa a dikte:

*Les mangues que ma mère a achetées au marché étaient vertes. Elle les a mises dans un panier, puis elle nous a demandé de ne pas y toucher. Nous en avons quand même mangé. Quand elle nous a vus courir, elle nous a appelés et nous lui avons menti.*

A jimlar farko mun iso kan *acheté*. Mene ne sayayyen? Mangwaro, kuma *mangue* mace ce a Faransanci, ga ta a jam'i, an ambace ta kafin *que*. Sai *achetées*. A lura *ma mère* ma mace ce kuma tana dab da aikatau, yaro zai iya rubuta *achetée* ya bi uwar, ya yi zaton ya yi daidai. A jimla ta biyu *les* na wakiltar mangwaron, sai *mises*, kuma wannan kunne ma yana jin sa, don ƙarshen kalmar na fita da sautin z. Sai *elle nous a demandé*. Ga *nous* kafin aikatau, hannu na ƙaiƙayin ƙara *s*. Mu gwada da suna: *elle a demandé aux enfants*, *à* ya fito a cikin *aux*. Abin da aka nema shi ne kada a taɓa, wannan kuwa a baya ya zo. Babu ƙari. *Nous en avons mangé*, saboda *en*, babu ƙari. A jimlar ƙarshe *nous* ya dawo a matsayin karɓau har sau biyu, amma yanzu kai tsaye yake: mu aka gani kuma mu ne ke gudun, sai *vus*, mu aka kira, sai *appelés*. Da a ce masu ba da labarin duk 'yan mata ne, da *vues* da *appelées* za a rubuta, abin da ke nuna wani lokaci amsar tana can nesa a farkon labari, inda aka faɗi ko su wane ne "mu". *Menti* kuwa yana tare da *lui*, ba ya motsi. Fartisif bakwai, huɗu sun daidaita, uku ba su daidaita ba, kuma *nous* guda ya ba da hukunci biyu mabambanta.

Babban dalilin da ya sa dokar ke da wahalar zama a kai shi ne kunne ba ya jin ta a mafi yawan lokuta. *Mangé*, *mangée*, *mangés*, *mangées* duk lafazi ɗaya ne, haka *fini* da *vu* da 'yan'uwansu. Ana jin bambanci ne kawai a fartisif masu ƙarewa da baƙi, irin su *pris* da *prise*, *fait* da *faite*, *dit* da *dite*, *écrit* da *écrite*, *ouvert* da *ouverte*. Wanda kunnensa ya saba da Faransanci zai iya amfani da wannan, ya musanya aikatau ɗin da ke ba shi shakka da *prendre*, ya ji ko *prise* ne zai fito. Amma wannan gwaji yana aiki ne ga wanda ya taso cikin masu daidaitawa a baka, kuma ko a Faransa mutane da yawa na cewa *la lettre que j'ai écrit* a hirar yau da kullum. Ga ɗalibin da bai cika jin Faransanci ba sai a aji, tambayar "mene ne, kuma na ambace shi?" ta fi aminci. Ƙananan abubuwa biyu na rubutu kuma: fartisif mai ƙarewa da *s* ba ya ƙara wani a jam'in maza, *les livres que j'ai pris*, sannan *dû* yana zubar da 'yar hularsa idan ya sauya, *la somme que j'ai due*.

An daɗe ana neman sauƙaƙa wannan doka. A 1900 ministan ilimi na Faransa, Georges Leygues, ya fitar da umarni cewa a daina kama ɗalibi da laifi idan bai daidaita fartisif da *avoir* ba. Akademi ta Faransa, hukumar da ke kula da harshen Faransanci, ta ƙi amincewa, a umarnin da ya maye gurbinsa a 1901 aka janye wannan sassauci. A 2018 wasu malamai biyu 'yan Beljiyam, Arnaud Hoedt da Jérôme Piron, sun sake tayar da maganar a jaridar Libération, suna kira da a bar fartisif ba sauyi duk inda yake tare da *avoir*. Suna da hujja, domin Sifaniyanci, ɗan'uwan Faransanci, haka yake yi, *las cartas que he escrito*, kuma babu wanda ya rasa fahimta. Italiyancin da Marot ya kafa hujja da shi ma ya sassauta, ya wajabta daidaitawa ne bayan wakilan suna irin *lo*, *la*, *li*, *le*, amma bayan *che*, takwaran *que*, yawanci ba a yi.

Ni ina tare da su a kan rassan dokar, irin na *coûté* da *entendu chanter*, domin lokacin da ake kashewa a kansu ya fi amfaninsu, musamman ga yaron da Faransanci ne harshensa na biyu ko na uku kuma yana da buƙatar ya iya gina sakin layi mai ma'ana. Amma gangar jikin dokar tana da aikin da take yi a rubuce. *La mort de l'homme que j'ai tant désirée* na nufin mutuwar aka yi buri, *désiré* ba tare da *e* ba kuwa na nufin mutumin. A wasiƙa, *tu m'as oubliée* na sanar da kai mace ce ke magana. Ko ma wane gefe mutum ya tsaya, shawarar 2018 ba ta zama doka ba, masu gyaran takardun jarrabawa da masu karanta takardar neman aiki har yanzu da tsohuwar ƙa'ida suke auna rubutu, don haka mai rubuta *les pièces que j'ai jointes à ma demande* ya tabbata *es* ɗin yana nan kafin ya miƙa takardarsa.